«Ruwan namu ne» ba amsa ba ce: a nuna mana lissafin asusun ajiya da bashi

Akwai maganar da na gaji da jin ta a Kwaya da sauran garuruwan Magarya da Dungas. Duk sa'ad da wani ya yi ƙorafi cewa ruwan da asusun ajiya da bashi ke ɗora wa mambobinsa ya yi nauyi, sai a rufe masa baki da cewa: «Ai asusun namu ne, ruwan gida zai dawo.» Daga nan kowa ya gyaɗa kai, a tashi taro. Ni dai ban yarda da wannan amsa ba. Ina ganin ita ce ta sa malaman makaranta da iyayen yara ke biyan ninkin abin da suke zaton suna biya, kuma ita ce ta sa ba mai tambayar inda kuɗin ke tafiya.

Kada a yi mini mummunar fahimta. Ba ina kira a rufe asusai ba ne. Na san abin da ke jiran mutum idan babu su: ɗan kasuwar da zai ba ka kuɗi a tsakiyar damina lokacin da rumbu ya ƙare, ya zo da kaka ya kwashi gero ko riɗi a farashin da shi ya yanka. Domin a tsere wa irin wannan mutum aka ƙirƙiro asusun haɗin gwiwa tun asali. Raiffeisen ya kafa nasa a ƙauyukan Jamus a shekarun 1860 saboda manoman da masu ba da bashi suka talauta. Alphonse Desjardins ya buɗe nasa a garin Lévis na Kanada a 1900, bayan ya ji a zauren majalisa labarin wani mutum da aka caje shi ruwan kashi 3,000 cikin ɗari. A nan Nijar ma, jihar Damagaram na cikin wuraren da aka fara kafa irin waɗannan asusai a farkon shekarun 1990. Manufar ita ce jama'a su tara nasu, su ranta wa junansu da sauƙi. Tambayata ita ce, sauƙin yana nan?

Mu ɗauki misali mu bi shi daki-daki. Lambobin misali ne, amma duk wanda ya taɓa karɓar bashi zai gane fuskarsu. Malamin firamare yana son jika 300, wato sefa 300,000, a farkon Oktoba. Ga kayan makarantar ƴaƴansa, ga rufin ɗaki da damina ta lalata, ga hatsin da yake son saye tun yana da araha. Ya je asusu, manaja ya ce masa: «Malam, ruwanmu kashi 2 ne kacal cikin ɗari a wata, za ka biya cikin wata 10.» Malam ya yi lissafi a ka: kashi 2 na jika 300 jika 6 ne, sau 10 jika 60. Zai mayar da jika 360, wato jika 36 kowane wata. Kashi 2 sau wata 12 kuma kashi 24 ke nan a shekara. Ya sa hannu yana godiya.

To ga inda gizo ke saƙar. A cikin jika 36 da yake biya duk wata, jika 30 uwar kuɗi ce, jika 6 ruwa. Bayan biyan farko, abin da ake bin sa jika 270 ne. Bayan na biyar, jika 150. A watan ƙarshe jika 30 kaɗai ta rage a wuyansa. Amma ruwan bai motsa ba, jika 6 yake biya tun daga watan farko har na goma, kamar har yanzu jika 300 ɗin na hannunsa. A watan ƙarshe yana biyan jika 6 a kan jika 30, wato kashi 20 cikin ɗari a wata guda. Ana cajinsa hayar kuɗin da ya riga ya mayar.

Da a kan ragowar bashi ake lissafa ruwan, ga yadda zai kasance. Watan farko kashi 2 na jika 300, jika 6. Wata na biyu kashi 2 na jika 270, sefa 5,400. Na uku sefa 4,800. Haka zai yi ta sauka da sefa 600 duk wata, har ya kai sefa 600 a wata na goma. Idan aka tara duka, jika 33 ne. Tsakanin jika 60 da jika 33 akwai jika 27. Duka biyun «kashi 2 a wata» ake kiran su, amma ɗaya ya kusa ninka ɗaya. Wanda ke biyan jika 60 a wannan tsari, ruwan da yake biya na gaskiya ya kai wajen kashi uku da rabi a wata, abin da ya haura kashi 40 a shekara. Duk mai son ya gwada da kansa ga hanya mai sauƙi: a tsawon wata goman nan, matsakaicin abin da ake bin Malam jika 165 ne. A raba jika 6 da jika 165, a ga ko kashi 2 zai fito.

Ba a nan ta tsaya ba. Ranar da Malam ya je karɓar kuɗi, sai a ce akwai kuɗin takardu, a ce kashi 2 cikin ɗari, jika 6, a cire nan take. Sannan a ce dole ya bar kashi 20 na bashin a littafinsa a matsayin jingina, jika 60, ba zai taɓa su ba sai ya gama biya. Ko an cire su daga bashin, ko an kulle ajiyar da yake da ita tun da, duk ɗaya ne a aljihunsa. Abin da ya ƙaru da shi a zahiri jika 234 ne, amma ruwan jika 300 yake biya. Wato har a kan jika 60 ɗinsa da ke kwance a akwatin asusu, waɗanda asusun zai ranta wa wani ya sake karɓar ruwa, Malam yana biyan ruwa. Idan aka haɗa komai, tsadar bashin ta kusa kashi 6 a wata, wajen kashi 70 a shekara. Wannan shi ne bashin da aka ce masa «kashi 2 ne kacal».

Yanzu ga abin da ya kamata kowane mamba ya sani. A ƙasashen da ke amfani da kuɗin sefa na Afirka ta Yamma akwai iyakar da doka ta yanka wa ruwan bashi. Tun daga 1 ga Janairun 2014, iyakar ga asusai da sauran ƙananan cibiyoyin kuɗi kashi 24 ce cikin ɗari a shekara, bayan an rage ta daga kashi 27. Kuma ba da lambar da manaja ya faɗa da baki ake auna ta ba. Ana auna ta da abin da ake rubutawa TEG, wato jimillar tsadar bashi a shekara, wadda ta haɗa ruwa da kuɗin takardu da sauran caje-caje, kuma take la'akari da yadda bashin ke raguwa. Saboda haka kashi 2 a wata da ake lissafawa a kan uwar kuɗi gaba ɗaya ya tsallake iyakar nesa ba kusa ba. Ko wanda ake lissafawa a kan ragowa, a bakin iyakar yake tsaye, da an ɗora masa kuɗin takardu ya ƙetare. Haƙƙin mai karɓar bashi ne ya ga wannan lamba a rubuce a takardar yarjejeniya. Ban ce kowane asusu na yin abin da na kwatanta ba. Akwai masu lissafi a kan ragowa, kuma suna rubuta komai. Amma ba za ka san wanne ne naka ba sai ka nemi jadawalin biya. Idan ka ga ruwan watan farko daidai yake da na watan ƙarshe, to ka san irin wanda ake yi maka.

Na san amsar da za a ba ni. Za a ce asusu yana da ɗawainiya: albashin manaja da mai riƙe da kuɗi da maigadi, hayar ofis, man babur ɗin da ake bin bashi da shi ƙauye-ƙauye a cikin rairayi, da asarar waɗanda suka gudu ba su biya ba. Za a ce ranta jika 50 ga mutum ɗari ya fi ranta miliyan 5 ga mutum ɗaya wahala da tsada. Duk wannan gaskiya ne, ban musa ba. Amma idan ɗawainiyar ce ta sa, me ya hana a faɗi lambar gaskiya? A tsaya gaban mambobi a ce: bashinmu kashi 40 yake ci a shekara, ga dalili, ga takardun kashe-kashe. Sai mu duba tare, ko a rage ɗawainiya, ko a matsa wa masu taurin bashi, ko mu san cewa asusun ba zai iya tsayawa cikin doka ba sai ya haɗe da wani. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a kira arba'in da sunan ashirin da huɗu. Wanda ya san ainihin farashi yana iya fasa saye, ko ya rage abin da zai karɓa. Wanda aka ɓoye wa farashi an ƙwace masa wannan zaɓi.

Mu koma kan waccan magana, wai ruwan gida yake dawowa. Gidan wa?

Inda maganar ta fi kusa da gaskiya shi ne a ƙungiyoyin Mata Masu Dubara, waɗanda ƙungiyar CARE ta fara a jihar Maraɗi a 1991, tsarin da daga baya ya bazu zuwa ƙasashe da dama na Afirka da wajenta. Mata su taru duk mako, kowa ta zuba nata, a ranta wa mai buƙata, a ƙarshen zango a fasa akwati a raba uwa da riba. A nan lallai ruwan yana dawowa, kuma kowa na ganin dawowarsa. Amma ko a nan, a duba wa ya biya, wa ya karɓa. A ce mata 25 ne, zubinsu ɗaya. Goma daga cikinsu kowa ta karɓi jika 20 na wata uku da ruwan kashi 10 a wata, kamar yadda aka saba a irin waɗannan ƙungiyoyi. Kowace ta biya ruwan jika 6, an tara jika 60. Ranar rabo kowace mace ta samu sefa 2,400. Wadda ta ci bashi ta fitar da 6,000, ta karɓi 2,400. Wadda ba ta ci ba ta karɓi 2,400 ba tare da ta fitar da komai ba. Idan wadda ta ci bashin sana'a ta juya da shi, ta soya ƙosai ko ta matse man gyaɗa ta samu riba, to babu wadda ta cutu sosai. Amma idan ɗanta ne ya kwanta da zazzaɓi, ko an koro ƴarta daga makaranta saboda kuɗin littafi, to kuɗi sun tashi daga hannun mai kuka sun koma hannun wadda ba ta da matsala. Gida ɗaya ne, amma ɗakuna daban-daban.

Duk da haka matan nan sun fi mu, mu masu takardar shaidar koyarwa. Suna ƙirga kuɗinsu a bainar jama'a duk zama. Makullan akwati a hannun mata daban-daban suke. Kowace ta san wadda ake bi da nawa ake bin ta. Da yawansu ba su yi boko ba, amma ba wanda zai ce musu kashi 2 ya karɓi kashi 6.

A asusu mai ofis da kanta da hatimi kuwa, babu ranar fasa akwati. Ruwan da Malam ya biya yana fara shiga ɗawainiya ne. Bayan haka a toshe ramin basussukan da ba a biya ba. Idan an samu rara, ƙa'idar Babban Bankin BCEAO ta ce a ware aƙalla kashi 15 cikin ɗari a ajiye a matsayin madogara, kuma wannan daidai ne. Abin da ya saura babban taron mambobi ne ke da ikon cewa ga yadda za a yi da shi. To ina tambayar duk mamban da ke karanta wannan: yaushe rabonka da babban taro? Nawa asusunku ya samu bara? Nawa ya kashe? A littafin ajiyarka, nawa aka ƙara maka a kan kuɗin da suka shekara a can? Idan ba ka da amsar ko ɗaya, da wace hujja kake cewa ruwan ya dawo?

Ramin basussukan da ba a biya ba shi ne babban abin tsoro, domin shi ke cin ruwan, daga baya ya ci ajiyar kanta. Kuma sau da yawa ba talaka ne ke haƙa shi ba. Talaka yana jin kunya, yana tsoron a zo ƙofar gidansa, zai sayar da akuyarsa ya biya. Masu haƙa ramin su ne waɗanda ba a iya tunkara: shugaban kwamiti, ƙanin shugaban, babban ɗan kasuwar gari, mai faɗa a ji a jam'iyya. Shi ya sa BCEAO ta sa iyaka. Duk bashin da shugabanni da ma'aikata suka karɓa, idan an haɗa, kada ya wuce kashi 10 cikin ɗari na dukiyar asusun ta kansa, wato jarin mambobi da madogarar da aka tara, ban da ajiyar jama'a. Mutum ɗaya ma, ko wane ne shi, kada a ba shi fiye da kashi 10 na wannan dukiya. Asusun da dukiyarsa ta kansa miliyan 20 ce, shugabanninsa da ma'aikatansa duka ba su da hurumin riƙe fiye da miliyan 2. Akwai kuma ma'aunin lafiya: basussukan da aka yi jinkirin biyansu fiye da kwana 30 kada su kai kashi 5 cikin ɗari na duk abin da ke waje. Waɗannan lambobi biyu kowane manaja ya san su. Mamba ne bai san yana da ikon tambaya ba.

Mu a nan bakin iyaka muna da ƙarin haɗari. Ƴan kasuwarmu da yawa sefa suke ranta, su yi ciniki da naira a kasuwannin Najeriya irin su Maigatari da Ɓaɓura. Da darajar naira ta zube a 2023, ga kuma rufe iyaka da ya biyo bayan juyin mulkin Yulin wannan shekarar, duk wanda ke bin kuɗi da naira alhali sefa ake bin sa ya san abin da ya gani. Asusun da ya zuba rabin kuɗinsa a hannun irin waɗannan mutum biyar ko shida, rana ɗaya zai girgiza, kuma ajiyar malami da ta mai tuwo-tuwo ce za ta tafi.

Asusu ba ya faɗuwa ba tare da alama ba. Ka je cire jika 20 a ce ka dawo gobe, goben ta zama jibi. A fara ƙayyade abin da mutum zai cira a rana. Shekara ta zagayo ba a kira babban taro ba, ko a kira shi a cika shi da jawabi da rabon lemo, a karanta lissafi da Faransanci cikin minti biyar. Shugabanni su shekara goma ba zaɓe. A matsa wa neman sababbin mambobi da alkawarin riba mai tsoka, domin da kuɗin sababbi ake biyan tsofaffi. Ƙasar nan ta ga irin wannan. A shekarun 2000 manyan asusai irin su Taimako da MCPEC sun shiga mawuyacin hali, kuma a 2007 gwamnati ta kafa hukumar ARSM domin sa ido a kan wannan fanni. Doka ta ce babu mai karɓar ajiyar jama'a ya ba da bashi da sunan asusu sai da lasisin Ministan Kuɗi. Akwai kuma asusun lamunin ajiya na ƙasashen sefa, amma iyakar abin da yake mayar wa mai ajiya a ƙananan cibiyoyi jika 300 ce, kuma sai cibiyar da ke cikin tsarin. Kada kowa ya kwanta da zaton idan asusun garinsu ya rushe gwamnati za ta biya shi.

Sai maganar da na san wasu tun daga layin farko suke jira: ai duk wannan riba ce, kuma riba haramun ce, ƙarami da babba. Haramcin riba a Alƙur'ani yake, kuma fatawa ta malamai ce. Amma ina da ƙorafi a kan ɓangarori biyu. Na farko su ne masu sauya wa ruwa suna, su kira shi «kuɗin aiki» ko «tukuici», alhali yana ƙaruwa da yawan kuɗi da tsawon wata. Sauya suna bai sauya komai ba, sai ma ƙara ɓoye lissafi. Na biyu su ne masu cewa haramun su kaɗa riga su tafi, su bar maƙwabcinsu a hannun mai sayen riɗi tun yana gona. Wanda ya damu da haramci da gaske, wurinsa yana cikin babban taro, domin akwai abin da zai nema. Tun 2018 BCEAO ta fitar da ƙa'idojin da suka ba ƙananan cibiyoyin kuɗi damar yin hada-hada bisa tsarin Musulunci, ko gaba ɗaya ko ta buɗe sashe na musamman. Akwai murabaha, inda asusu zai sayi kwanon rufi ko buhunan hatsi ya sayar wa mamba da ribar da aka sani tun farko, wadda ba ta ƙaruwa idan an yi jinkiri. Akwai bashin taimako marar ƙari, wanda za a iya ware wa rashin lafiya da karatun yara, a ɗauki nauyinsa daga rarar shekara. Sai dai a nan ma ba a tsira daga lissafi ba. Idan an sayar maka da kayan jika 300 a kan jika 360 cikin wata 10, nauyin da ke aljihunka daidai yake da na Malam. Halacci ba ya hana tsada, sai an zauna an yi ciniki.

Malamai ƴan'uwana, a nan nake ganin laifin ya fi rataya a wuyanmu. Mu ne muke koya wa yara ƴan aji shida lissafin kashi cikin ɗari. Mu ne asusai suka fi so, domin albashinmu ko ya makara zai zo, kuma idan ta asusun yake biyowa, tun kafin mu gan shi an cire. Idan albashi ya yi jinkiri kuma, a ɗora mana tarar makara a kan laifin da ba namu ba. Mu ne ake zaɓa sakatarori da ƴan kwamitin sa ido saboda mun iya karatu, sai mu sa hannu a kan rahoton da ba mu karanta ba, don kada a ce mun cika tsanani, ko don bashinmu na gaba ya fito da wuri. Uwar da ba ta iya karatu ba, da ta ga sa hannun Malam sai hankalinta ya kwanta ta kawo kuɗin akuyarta. Ranar da asusun ya rufe ƙofa, Malam za ta nema.

A asusun haɗin gwiwa kowane mamba ƙuri'a ɗaya gare shi, mai jika 5 da mai miliyan 5. Kwamitin gudanarwa da kwamitin ba da bashi da kwamitin sa ido duk mu ke zaɓensu, mu ke iya sauke su. Manaja ma'aikacinmu ne. Saboda haka ga abin da nake nema a babban taro mai zuwa, a Kwaya ko Bande ko Wacha ko Dungas. A yanke cewa ruwa a kan ragowar bashi za a riƙa lissafa shi. A riƙa ba kowane mai karɓar bashi jadawalin biya da lambar TEG kafin ya sa hannu, a karanta masa da Hausa. A faɗi jimillar bashin da ke wuyan shugabanni da ma'aikata, da yawan wanda aka yi jinkirin biya, a rubuta a allo kowa ya gani. A liƙa lasisin asusun a bango. Idan shugabanni suka ƙi, ƙofar ARSM a buɗe take ga ƙorafin mambobi.

Za a ce masu tambaya suna son rusa asusu. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Asusun da ke da gaskiya, waɗannan tambayoyi ba za su ɗauke shi rabin awa ba, kuma zai fita daga taron da ƙarin amincin jama'a. Wanda ya fusata don an tambaye shi lissafi, ya riga ya ba mu amsa.

Iyaye kuma, kafin ku ci bashin shiga makaranta ko na ragon layya, ku ɗauki takardar ku kai wa malamin ɗanku. Ku ce ya duba muku abu uku: nawa za ku riƙe a hannu, nawa za ku mayar gaba ɗaya, kuma ruwan yana raguwa wata-wata ko a tsaye yake. Malamin da ya kasa wannan bai cancanci alli ba, wanda ya iya kuma ya yi shiru ya fi shi laifi. Bashi hanji ne, yana cikin kowa, babu abin kunya a cikinsa. Abin kunya shi ne mu mallaki asusu, mu zuba masa guminmu, sannan mu tsaya a bakin kanta kamar masu roƙo.

Allah ya raba mu da ƙangin bashi, ya sa albarka a ɗan abin da muke tarawa.